Ilektiron Yana da Zango, Ƙwallon Ƙafa Ma Haka: Me Ya Sa Na Ɗayansu Kaɗai Yake Bayyana?

Idan ana biki a lungun da ke bayan gidanku, kana zaune a tsakar gida za ka ji kalangu rangaɗaɗau, amma ba za ka ga makaɗin ba. Katanga ɗaya ce ta raba ku. Sautin ya kewayo ta, ya hauro ta, ya shigo ta zaure ya same ka, hasken da zai nuna maka fuskar makaɗin kuwa ya tsaya a bayanta. Alhali malaman kimiyya sun ce sauti da haske dukkansu tafiyar igiyar ruwa suke yi, wato tudu da kwari suna bin juna, kamar yadda ake gani idan an jefa tsakuwa a kududdufi. To me ya sa ɗaya ya iya kwana, ɗaya bai iya ba?

Amsar tana cikin wata kalma da duk mai sauraren rediyo ya sani: zango. Idan mai gabatar da shiri ya ce ana kama su a gajeren zango a kan mita 19, nufinsa tazarar da ke tsakanin tudu ɗaya da na gaba a igiyar da tashar ke watsawa ta kai kimanin mita 19. Zangon sautin ganga ko muryar namiji yakan kai kusan mita guda, wato tsaran faɗin ƙofa ne, shi ya sa idan ya shiga ta ƙofa yake bazuwa hagu da dama. Zangon hasken da ido ke gani kuwa tsakanin nanomita 400 ne da 700, nanomita kuma shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A wurin irin wannan zango, ƙofar zaure fili ce fetal, sai haske ya wuce ɗoɗar kamar kibiya. Ƙa'idar ke nan da za ta raka mu har ƙarshen wannan bayani: igiya ba ta nuna cewa ita igiya ce sai ta haɗu da rata ko shinge da ya yi tsara da zangonta. Wanda ke son ganin haske ya nuna halinsa na igiya, ya juya bayan faifan sidi a rana. Layukan da aka zana a jikinsa suna da tazarar kusan nanomita 1,600, sun matso kusa da zangon haske, shi ya sa suke warwatsa shi zuwa launukan bakan gizo.

A 1924 wani Bafaranshe mai suna Louis de Broglie ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Paris, ya kawo wata magana da ta yi wa malamansa nauyi. Ya fara karatunsa ne da tarihi kafin ya koma fiziks, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Farko aikin rediyon soja ya yi a hasumiyar Eiffel, don haka igiya ba baƙuwarsa ba ce. Tun 1905 Einstein ya nuna cewa haske, wanda kowa ya yarda igiya ne, yakan zo a ɗan dunƙule-dunƙule kamar ƙwayoyi. De Broglie ya juya maganar: idan igiya tana iya yin halin ƙwaya, me zai hana ƙwaya ta yi halin igiya? Ya ce kowane abu mai tafiya yana da zango, ya kuma ba da hanyar lissafa shi:

λ = h / (m × v)

Harafin farko, wanda ake kira lamda, shi ne zangon. Harafin m nauyin abin ne da kilogiram, v kuma gudunsa ne da mita a sakan. Shi kuwa h wani adadi ne da ba ya canzawa, wanda Max Planck ya shigo da shi a 1900, kuma ƙanƙantarsa ita ce sirrin wannan labari baki ɗaya. A ma'aunin mita da kilogiram da sakan, darajarsa 6.626 × 10⁻³⁴ ce. Idan za a rubuta shi dalla-dalla, sai a sa ɗigo, a jera sifiri 33, sannan a rubuta 6626. Abin da lissafin ke cewa a taƙaice shi ne, gwargwadon nauyin abu da saurinsa, gwargwadon gajartar zangonsa. Kuma tun da abin da ake rabawa ɗin ƙanƙane ne haka, ba za a sami zangon kirki ba sai abin da ake raba shi da shi ma ya kasance ƙanƙane ainun.

Malaminsa Paul Langevin ya aika wa Einstein kundin don jin ra'ayinsa, Einstein kuma ya goyi bayansa. Sai dai goyon bayan babba ba hujja ba ne a wannan fanni. Sai an auna.

Lissafin bolt 54

Bari mu yi lissafin da kanmu a kan ilektiron, ƙwayar nan da ke ɗauke da wutar lantarki a cikin waya, wadda kuma ke kewaye da cibiyar kowane atam. Nauyin ilektiron 9.11 × 10⁻³¹ ne na kilogiram. Ana samar da shi a sauƙaƙe: a zafafa siririyar waya irin ta tsohon ƙwan fitila a cikin kwalbar gilashi da aka zuƙe wa iska, sai ƙwayoyin ilektiron su riƙa ɓallewa daga jikinta. Daga nan a ja su da ƙarfin lantarki. Yawan bolt ɗin da aka sa shi ke yanke saurin da za su samu.

Mu ɗauki bolt 54, wato ƙarfin batirin mota huɗu da rabi idan an jera su. Ilektiron da aka ja da wannan ƙarfi yana fita da gudun mita miliyan 4.36 a sakan, kilomita 4,360 ke nan kafin ka ƙifta ido sau biyu. Gudun ya yi yawa a idonmu, amma nauyin ya yi ƙanƙantar da ko an ninka su, abin da ake samu 3.97 × 10⁻²⁴ ne kawai. A raba h da wannan adadi, sai a sami 1.67 × 10⁻¹⁰ na mita. Zangon ilektiron ɗinmu ke nan: nanomita 0.167.

Masu aikin sun taƙaita duk waɗannan matakai a layi ɗaya. Idan V shi ne yawan bolt, zangon da nanomita shi ne:

λ = 1.226 / √V

Gwada da 54: adadin da za a ninka da kansa ya ba da 54 shi ne kusan 7.35, a raba 1.226 da shi a sami 0.167. A bolt 100 zangon ya koma 0.123. Abin lura shi ne sai an ninka bolt sau huɗu kafin zango ya ragu da rabi.

Yanzu sai tambayar ƙofa. Nanomita 0.167 ya fi zangon koren haske gajarta sau dubu uku. A 1924 babu maƙerin da zai iya tsaga rata mai wannan ƙanƙanta. Amma ratar tana nan a shirye a cikin ƙarfe. A jikin kiristal, wato daskararren abu da atam ɗinsa suka jeru sahu-sahu bisa tsari kamar kunyoyin gona, tazarar da ke tsakanin sahu da sahu takan kasance tsakanin nanomita 0.1 da 0.3. Zangon ilektiron mai 'yan gomomin bolt ya faɗa daidai cikin wannan awo. A ganina nan ne gishirin labarin yake, kuma sau da yawa ana wuce shi da sauri. Ilektiron bai fi sauran abubuwa zama igiya ba. Sa'ar da ya yi ita ce akwai ƙofa daidai shi.

Waɗanda suka fara ganin hakan ba shi suka fita nema ba. Clinton Davisson da Lester Germer suna aiki a ɗakunan binciken kamfanin Bell a New York, suna harba ilektiron a kan guntun ƙarfen nikel suna auna yadda suke tartsatsi. A 1925 kwalbarsu ta fashe yayin da nikel ɗin ke da zafi, iska ta shiga, fuskar ƙarfen ta yi tsatsa. Don su tsabtace shi sai suka daɗe suna gasa shi da wuta mai tsanani. Ba su sani ba, gashin ya sauya cikin ƙarfen: ɗimbin ƙananan kiristal da ke fuskantar ko'ina barkatai sun haɗe sun zama 'yan manya kaɗan. Da suka koma awo, sai sakamakon ya canza kama. A 1926 Davisson ya halarci wani taron masana a Oxford, ya ji ana tattauna sabon ra'ayin igiyar, ya koma gida ya sake shirya gwajin da gangan, da kiristal guda ɗaya na nikel da aka yanke wa fuska bisa sahun atam ɗinsa.

Tsarin gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana sako ilektiron su faɗo a miƙe kan fuskar nikel, sannan akwai wani ɗan akwatin tarko da ake zagayawa da shi a kusurwoyi daban-daban, yana ƙirga nawa suka dawo ta kowace fuska. Da ilektiron tsakuwoyi ne zalla, da yawansu zai riƙa raguwa sannu a hankali yayin da tarkon ke nisa da tsakiya. Abin da suka gani a 1927 daban ne. A bolt 54, ƙwayoyin sun yi cincirindo a kusurwar digiri 50, gefe da gefenta kuwa ƙalilan ne. Idan aka ɗaga bolt ko aka rage shi, cincirindon ya dusashe.

Igiya ce kaɗai ke yin haka, ga kuma dalili. Kowane sahun atam yana mayar da ɗan kaso na igiyar da ta faɗo masa. Wadda ta taso daga sahu na biyu tana yin tafiyar da ta ɗan fi ta sahu na farko tsawo kafin ta kai tarko. Idan wannan ƙarin tafiya ya yi daidai da zango ɗaya cif, tudu ya hau kan tudu, kwari ya faɗa kan kwari, sai su ƙarfafa juna. Idan bai yi daidai ba, tudun wannan ya cike kwarin wancan, sai su kashe juna. Tazarar sahu a fuskar nikel ɗin an riga an san ta daga awon da aka yi da hasken eksire: nanomita 0.215. A kusurwar digiri 50, ƙarin tafiyar shi ne 0.215 sau 0.766, wato nanomita 0.165. Lissafin de Broglie ya ce 0.167. Mutum ya zauna da alƙalami a Paris ya faɗi adadi, wasu suka auna shi da ƙarfe da gilashi a New York, bambancin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba.

Ba komai ne ya zauna daram nan take ba. Wasu daga cikin cincirindon da suka auna sun ɗan goce daga inda aka zata, sai daga baya aka gane cewa ilektiron yana ƙara gudu idan ya kutsa cikin ƙarfen, zangonsa ya ɗan gajarce a can ciki.

A wannan shekara dai, a Aberdeen ta Sikotilan, George Paget Thomson ya bi wata hanyar. Ya harba ilektiron masu ƙarfin dubban bolt ta cikin fallen ƙarfe mai matuƙar siranta, irin su zinariya, ya tare su da farantin ɗaukar hoto. Da aka wanke hoton sai ga zobba, wani cikin wani. A nan akwai wata shakka da ta cancanci a yi ta: ilektiron mai gudu idan ya daki ƙarfe yakan haifar da hasken eksire, shi kuma eksire an san yana zana irin waɗannan zobba. To wa ya zana su? Thomson ya kawo maganaɗisu kusa. Maganaɗisu ba ya karkatar da eksire, amma yana karkatar da ilektiron. Zobban gaba ɗaya suka gusa gefe. De Broglie ya karɓi kyautar Nobel a 1929, Davisson da Thomson suka raba ta 1937. Mahaifin Thomson ɗin, J. J. Thomson, shi ne ya gano ilektiron a matsayin ƙwaya a 1897, aka ba shi tasa kyautar a 1906. Uba ya ce ƙwaya, ɗa ya ce igiya, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Mene ne yake yin tudu da kwarin?

A nan mutane da yawa ke ɓata, har da ɗalibai. Wasu suna zaton ilektiron tafiyar maciji yake yi, yana lanƙwasa sama da ƙasa. Wasu kuma suna zaton taron ilektiron ne ke tunkuɗar juna kamar ruwa. Duka biyun ba haka ba ne, kuma akwai gwajin da ya raba gardama.

A 1989 Akira Tonomura da abokan aikinsa a kamfanin Hitachi na Japan suka saki ilektiron masu bolt 50,000 zuwa ga wata siririyar waya mai caji, wadda ta raba hanya biyu, ta hagu da ta dama, sannan hanyoyin su sake haɗuwa a kan allo. Sun rage yawan ƙwayoyin zuwa kusan dubu a sakan. Da irin gudun da suke yi, tsakanin ɗaya da mai bi masa akwai fiye da kilomita 100 a matsakaici, na'urar kuwa ba ta wuce 'yan mitoci ba. Kusan kullum ilektiron ɗaya ne tal a ciki, ba shi da wanda zai tunkuɗa. Kowanne ya isa allo sai ya bar ɗigo ɗaya a wuri ɗaya, ba rabi ba, ba shafe-shafe ba. Ɗigo goma na farko sun faɗi barkatai. Ɗari ma haka. Da suka kai dubbai sai wani abu ya fara fitowa, da suka kai 70,000 sai ga ratsi-ratsi a fili, layi mai cike da ɗigo, layi kusan wayam, suna bin juna.

Ka tsaya a kan layukan da suke wayam ɗin nan. Wurare ne da ilektiron zai iya faɗawa idan hanya ɗaya ce a buɗe, amma da aka buɗe ta biyu sai ya daina zuwa. An ƙara masa ƙofa, wurin zuwansa ya ragu. Tsakuwa ba ta yin haka. Fassarar da Max Born ya bayar a 1926, wadda ake aiki da ita har yau, ita ce igiyar tana faɗin yiwuwar samun ilektiron a kowane wuri. Inda take da ƙarfi, samunsa ya fi yiwuwa, inda ta kashe kanta ba a samunsa. Igiyar ta bi hanyoyin biyu, abin da aka kama a allo kuwa ƙwaya ce guda. Na san wannan bai kwanta wa hankali ba, kuma ba zan yi kamar ya kwanta ba. Amma abin da allon ya nuna ke nan, kuma duk wanda ya sake gwajin haka yake gani.

Ko wanda bai taɓa jin sunan de Broglie ba ya ci moriyar wannan zango. Madubin da ake duba jini da shi a ɗakin gwaji na asibiti da haske yake aiki, kuma ba ya iya rarrabe abin da ya gaza kimanin nanomita 200, domin zangon hasken ya fi abin girma. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi haka girma sosai, shi ya sa ake ganinta. Ƙwayar cutar shan inna kuwa kusan nanomita 30 ce, ko an kawo gilashin da ya fi kowanne kyau ba za ta fito ba. Madubin ilektiron, wanda Ernst Ruska da Max Knoll suka fara haɗawa a Berlin a 1931, shi ya buɗe wannan ƙofa. A bolt 100,000 zangon ilektiron nanomita 0.0037 ne. Mai lissafi zai lura cewa gajeren layinmu na sama ya ba da 0.0039. Dalilin shi ne a wannan ƙarfi ilektiron ya wuce rabin gudun haske, sai an shigo da gyaran Einstein. Layin namu na ƙananan bolt ne.

To ina zangon ƙwallo?

Lissafin de Broglie bai ware kowa ba, don haka mu ɗora shi a kan ƙwallon ƙafa. Nauyinsa kusan giram 430. A buga shi daga kai sai mai tsaron gida da gudun mita 25 a sakan, wato kilomita 90 a awa. Nauyi sau gudu ya ba da kusan 10.75. A raba h da shi: 6 × 10⁻³⁵ na mita. Ɗigo, sifiri 34, sannan 6.

Babu abin da za a kwatanta wannan da shi kai tsaye. Furoton, ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cibiyar atam, faɗinsa kusan 10⁻¹⁵ ne na mita, kuma ya fi zangon ƙwallon girma fiye da sau biliyan goma, a sake ninkawa sau biliyan. Ga wata hanyar ganin abin. Igiya idan ta wuce ta ƙofa, kusurwar da take bazuwa kusan zangonta ne a raba da faɗin ƙofar. A buga ƙwallon nan ta ƙofa mai faɗin mita ɗaya, a bar shi ya yi ta tafiya har nisan rana, kilomita miliyan 150. Gocewar da halinsa na igiya zai jawo a ƙarshen wannan tafiya kusan 10⁻²³ ne na mita, wanda ya gaza faɗin furoton sau miliyan ɗari. Lanƙwasar da ake gani a bugun tazara kuwa aikin iska ne da juyawar ƙwallon, ba ta da alaƙa da wannan.

Wani zai ce ƙwallo ya yi nauyi, a sauko ƙasa. Ƙwayar gero, mu ɗauka miligiram 10 ce, tana faɗowa daga faifai da gudun mita ɗaya a sakan: zangonta 6.6 × 10⁻²⁹. A sake saukowa zuwa ƙurar hunturu mafi laushi, mai faɗin kashi ɗaya cikin dubu na milimita, nauyinta kusan 10⁻¹⁵ na kilogiram, tana shawagi da milimita ɗaya a sakan. Zangonta ya matso girman furoton, amma ita kanta ta fi zangon nata girma fiye da sau biliyan. Duk ratar da za ta iya wucewa ta ciki ta riga ta zama fili a wurin igiyarta, kamar haske a ƙofar zaure.

Saura dabara ɗaya, kuma mai kaifin hankali zai hango ta: tun da gudu yana ƙasan lissafin, a rage gudun mana, zango ya tsawaita. Gaskiya ne a takarda. Mutum mai kilo 70 da ke son zangonsa ya kai mita ɗaya, tsaran ƙofar ɗakinsa, sai ya yi tafiya da gudun kusan 10⁻³⁵ na mita a sakan. Taku ɗaya zai ci masa sakan 10³⁵. Shekarun sararin samaniya gaba ɗaya, bisa ƙiyasin masana, biliyan 13.8 ne, wato kusan sakan 4 × 10¹⁷. Ko da lokacin ya samu, jikin ba zai natsu haka ba, domin duk abin da ke da ɗumi atam ɗinsa rawa suke yi, iska kuma tana dukansa ta ko'ina.

Wannan dukan na iska ya kai mu ga dalili na biyu, wanda littattafan makaranta kan tsallake, alhali ya kai na farkon muhimmanci. Ratsi-ratsin Tonomura suna fitowa ne muddin babu wata alama a duniya da ta nuna hanyar da ilektiron ya bi. Da zarar wani abu ya taɓa shi a hanya ya tafi da labarin inda yake, ratsin ya shafe. Ba sai mutum ya duba ba. Ƙwayar iska ɗaya da ta yi karo da shi ta wuce ta wadatar.

An gwada wannan da manyan ƙwayoyi a jami'ar Vienna. A 1999 Markus Arndt da Anton Zeilinger da abokansu suka ɗauki wani molekul mai atam 60 na kabon, wanda suka jeru a siffar ƙwallon ƙafa mai faci-faci, nauyinsa ya fi na ilektiron sama da sau miliyan. Suka turo shi daga tanda da gudun kusan mita 220 a sakan, wanda ya ba shi zangon nanomita 0.0025, ɗaruruwan sau ƙasa da faɗin jikinsa. Suka wuce da shi ta wani rariya mai ratar da ke maimaituwa duk nanomita 100. Zangon ya gaza ratar sau 40,000, don haka bazuwar ƙanƙanuwa ce: bayan tafiyar mita ɗaya da kwata, tazarar ratsi da ratsi ba ta kai kaurin gashin kai ba. Amma an auna ta, tana nan inda lissafin 1924 ya ce za ta kasance.

Daga nan suka shiga ɓata gwajin da gangan don su ga abin da ke kashe shi. A 2003 suka riƙa sako iska kaɗan-kaɗan cikin na'urar, ratsin yana dusashewa gwargwadon yawan karon da ƙwayoyin ke yi a hanya. A 2004 suka ɗauki ɗan'uwansa mai atam 70 suka zafafa shi da hasken leza kafin ya shiga. Yana da ɗan sanyi, ratsi ya fito sarai. Da zafinsa ya doshi digiri 3,000 a ma'aunin Kelvin, ratsin ya ɓace. Abin da ya faru shi ne molekul mai zafi yana fitar da haske kamar garwashi, kuma gwargwadon zafinsa, gwargwadon gajartar zangon hasken. Da zangon ya gajarce ya kai tsaran tazarar ratar, kowane ɗigon haske da ya fita yana ɗauke da labarin ratar da aka bi. Molekul ɗin da kansa ya tona asirin hanyarsa. Ƙa'idar kalangu da katanga ce ta sake dawowa ta wata fuska: haske mai dogon zango ba ya iya bambance rata da rata, mai gajeren zango yana iyawa.

A 2019 ƙungiyar Arndt ta ga ratsi da molekul masu atam har kusan 2,000, a na'ura mai tsawon mita biyu da aka zuƙe wa iska matuƙa. Har zuwa wannan girma ba a ga inda lissafin de Broglie ya karye ba, wahalar dai ita ke ƙaruwa: zango yana gajarcewa, keɓe abin daga iska da zafi yana ƙara tsanani. Ƙurar hunturun nan da muka lissafa tana da atam biliyoyi, kuma a cikin iskar ɗaki ƙwayoyin iska suna dukanta kusan sau 10¹⁶ a kowane sakan, kowanne yana tafiya da labarin inda take.